Yadda ake zaɓen rukunai da gidaje don binciken rigakafin yara, da dalilin ninka adadin samfur

Ɗaliban kiwon lafiyar al'umma da jami'an rigakafi na ƙananan hukumomi sun sha kawo mini tambaya iri guda. Mutum ya yi lissafi ya samu cewa yara 196 sun ishe shi, sai mai duba aikinsa ya ce ya ninka su biyu saboda zai bi ƙauye-ƙauye ne. Daga ina biyun nan ta fito? Kuma in an ninka, ƙauyuka nawa za a shiga, gidaje nawa a kowanne? Zan bi aikin daga farko har ƙarshe da misali ɗaya: muna son sanin kashi nawa na yara 'yan wata 12 zuwa 23 ne suka samu allurar Penta ta uku, wato karo na uku na allurar da ke kare yaro daga cututtuka biyar, a wata ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma da mutane 330,000. Alkaluman ƙaramar hukumar na misali ne, ka sa naka a gurbinsu. Hanyar lissafin ce ba ta canzawa.

Kayan aiki: jerin garuruwa da ƙauyuka tare da yawan mutanensu, taswira, kwamfuta mai Excel, wayoyi masu manhajar tattara bayanai ta ODK ko KoboCollect, alli na sa wa ƙofofi lamba, da takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha.

1. Tsayar da tambaya guda

Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta abu ɗaya da binciken zai auna, a kan su wa, a wane yanki. Namu: kason yara 'yan wata 12 zuwa 23 da suka samu Penta ta uku, a ƙaramar hukumar baki ɗayanta. Takardar tambayoyinka za ta iya ɗaukar abubuwa da yawa, kamar gidan sauro da shayarwa da gudawa, amma girman samfur, wato yawan yaran da za a duba, a kan wannan ɗaya ake gina shi.

Gargaɗi: in shugabanni na son sakamakon kowace mazaɓa daban, a faɗa yanzu. Binciken da aka tsara don ƙaramar hukuma ba zai bayar da amsa mai ƙwari ga mazaɓa ɗaya ba. Neman amsar mazaɓu goma kusan ninka aikin ne sau goma.

2. Lissafin farko, kamar da ƙuri'a za a zaɓi yaran

A nan muna ɗauka cewa muna da sunan kowane yaro a ƙaramar hukumar, za mu zuba sunayen a ƙwarya mu zaro ɗaya bayan ɗaya. Ba mu da wannan jeri, amma daga nan ake farawa.

```
n = 1.96^2 * p * (1 - p) / d^2
n = 3.84 * 0.5 * 0.5 / 0.07^2 = 196
```

Harafin n shi ne yawan yaran da ake bukata, harafin p kuma kason da kake zato. In ba ka da tsohon sakamako, sa 0.5, domin shi ne ke bayar da adadi mafi girma, ba za ka gaza ba. Harafin d kuwa ratar kuskuren da za ka iya jurewa ce. Mun ɗauki maki 7 sama ko ƙasa, wato in muka samu kashi 50, gaskiyar tana tsakanin 43 da 57, da tabbacin kashi 95 cikin ɗari. Ka lura da tsadar d: in ka rage ta zuwa rabi, yaran da ake bukata sun ninka huɗu.

3. Tasirin tsari: inda biyun ta fito

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Tunda ba mu da sunayen yara, kuma ba za mu iya bin yara 196 a wurare 196 ba, sai mu zaɓi wasu ƙauyuka da unguwanni, mu kira kowanne rukuni, mu ɗauki yara da yawa a cikinsa. Wannan yana rage kuɗin mai da kwanaki. Amma yana da farashi, domin yaran ƙauye ɗaya sun yi kama da juna a batun rigakafi. Asibiti ɗaya suke zuwa, ma'aikaciya ɗaya ce ke yi musu allura, in firjinta ya lalace duk tare ya shafe su, in rafi ya yanke hanya da damina duk tare suka rasa. In mai unguwa yana ƙarfafa iyaye, ko wata jita-jita ta shiga gari, kusan kowane gida abin ya taɓa. Saboda haka in ka ga yaro na farko da na biyu a ƙauye ba su da allura, kusan ka san labarin na uku tun kafin ka buɗe katinsa. Yaro na uku ya ƙara maka adadi, amma bai ƙara maka sabon labari cikakke ba.

Mai sayen hatsi ya san wannan. In aka kawo masa buhu ɗari, ba zai ɗebi hannu ashirin daga buhu ɗaya ya ce ya san kayan ba. Hannu ɗaya-ɗaya daga buhu ashirin ya fi gaya masa gaskiya, ko da yake yawan abin da ya ɗiba ɗaya ne.

Ana auna wannan kamanceceniya da lamba tsakanin sifiri da ɗaya, wadda manhajoji ke rubutawa ICC. Sifiri na nufin yaran ƙauye ɗaya ba su fi kama da juna ba a kan yaran wani wuri. Ɗaya na nufin duk ƙauyen abu guda ne, ko kowa ya samu ko kowa bai samu ba. Daga ita ake fitar da tasirin tsari, wanda ake rubutawa DEFF:

```
DEFF = 1 + (m - 1) * ICC
```

Harafin m shi ne matsakaicin yawan yaran da za a ɗauka a rukuni ɗaya. Ma'anar DEFF kuwa ita ce sau nawa za ka ninka samfur domin ka samu ƙwarin da zaɓen ƙuri'a zai ba ka. A ce ICC ɗinmu 0.2 ce. Duba abin da ke faruwa in muka canza m:

- Yara 6 a rukuni: DEFF 2, yara 392, rukunai 66.
- Yara 11 a rukuni: DEFF 3, yara 588, rukunai 54.
- Yara 21 a rukuni: DEFF 5, yara 980, rukunai 47.

Ka tsaya ka kalli layi na farko da na ƙarshe. Mun ƙara yara kusan 600, amma rukunai 19 kawai muka rage. Dukkan tsarukan uku ƙarfinsu ɗaya ne, daidai da yara 196 na ƙuri'a. Akwai ma iyakar da ba a tsallakewa: da ICC 0.2, rukuni ɗaya ba zai taɓa ba ka labarin da ya wuce na yara 5 masu zaman kansu ba, ko da ka duba kowane yaro a garin, domin 1 raba 0.2 biyar ne. Wato ƙasa da rukunai 40 ba za ka kai ga ratar maki 7 ba, komai yawan yaran da ka tara. Shi ya sa idan kuɗi ya yi kaɗan, shawarar da ake yawan kawowa ta "mu rage ƙauyuka mu ƙara yara a kowanne" ita ce mafi muni. A ra'ayina, in dole ne a rage wani abu, a rage tsawon takardar tambayoyi ko a yarda da rata mai faɗi, amma a bar yawan rukunai yadda yake.

To ina za ka samo ICC? Mafi kyau shi ne binciken da aka taɓa yi a jiharka a kan abu iri ɗaya. In babu, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 kan binciken rigakafi ta ba da shawarar a yi tsari da kashi ɗaya bisa uku ga rigakafin yau da kullum, kashi ɗaya bisa shida kuma ga binciken bayan gangami. Biyun da kowa ya haddace ta dace ne da tsohon tsarin rukunai 30 da yara 7: in ICC ɗaya bisa shida ce, 1 a tara da 6 sau ɗaya bisa shida ya ba da 2. Amma wannan biyun ta yara 7 ce. Wanda ya ɗauki yara 20 a rukuni ya kuma rubuta DEFF 2 ya yaudari kansa. A misalinmu na ɗauki 0.2 kamar daga wani tsohon bincike muka same ta. Da ɗaya bisa uku muka sa, yara 6 a rukuni za su ba da DEFF kusan 2.7.

Gargaɗi: rahotannin binciken alƙaluma da lafiya na ƙasa suna buga DEFT ne a teburan kuskuren samfur da ke bayan littafin, ba DEFF ba. Sai ka ninka DEFT da kanta kafin ka yi amfani da ita. DEFT 1.5 tana nufin DEFF 2.25. Na ga takardun neman tallafi da dama da suka ɗauki 1.5 kai tsaye, samfurinsu ya gaza da kashi ɗaya bisa uku.

Mu mun zaɓi layi na farko: rukunai 66, yara 6 a kowanne.

4. Mayar da yara zuwa gidaje

Ba yara za ka zaɓa ba, gidaje za ka zaɓa, kuma ba kowane gida ke da ɗan shekara ɗaya ba. A ce yaran wannan shekaru kashi 3.5 ne cikin ɗari na jama'a, iyali kuma matsakaicinsa mutum 6. Kowane iyali yana da 0.21 na yaro, wato sai ka shiga wajen iyalai 5 kafin ka samu ɗaya. Yara 6 na bukatar iyalai 30. Sai ka yi tanadin waɗanda ba za a same su ba ko za su ƙi. In ka zaci kashi 10, raba 30 da 0.9, ka samu 34. Jimla iyalai 34 sau 66, wato 2,244.

A nan ma za ka ga tsarin yara 11 ba shi da arha kamar yadda ake zato. Zai bukaci iyalai wajen 61 a rukunai 54, fiye da 3,200 ke nan.

Gargaɗi: ka tsayar da ma'anar iyali tun a horo. A ƙasar Hausa ƙofa ɗaya na iya ɗauke da magidanta huɗu ko biyar, uba da 'ya'yansa masu aure. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne masu kwana a wuri ɗaya, masu ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin magidanci ɗaya. In wata tawaga tana ƙirga ƙofofi wata tana ƙirga tukwane, lissafin nauyi da za mu yi a gaba ya lalace.

5. Haɗa jerin wurare

Kana bukatar jerin da ya ƙunshi kowane wurin da mutane ke zaune, sau ɗaya tak, da kiyasin yawan mutanensa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana da ƙananan yankunan ƙidaya masu taswira, kuma su manyan binciken ƙasa ke amfani da su. A matakin ƙaramar hukuma, da yawa suna ɗaukar jerin matsugunan da ake amfani da shi a gangamin shan inna, wanda ke ofishin jami'in rigakafi. Kowanne da aibinsa. Ƙidayar Nijeriya ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, ta Nijar a 2012, garuruwa sun faɗaɗa tun lokacin. Jerin gangami kuma yawan mutanen da ke cikinsa sau da yawa kiyasi ne.

Kuskuren yawan mutane ana iya gyara shi daga baya da nauyi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne wurin da ba ya cikin jerin ko kaɗan. Rugagen Fulani, sabbin unguwannin bayan gari, 'yan gudun hijira da suka sauka a wata makaranta ko kango, ƙauyukan kan iyakar mazaɓu biyu da kowace ke cewa na ɗayar ne: waɗannan su ne suka fi faɗuwa daga jeri, kuma sau da yawa su ne masu ƙarancin rigakafi. Rashinsu yana ɗaga sakamako sama. Ka zauna da dagatai da arɗo da jami'in kowace mazaɓa ku bi jerin layi-layi.

Gargaɗi: wuraren da rashin tsaro ya hana shiga a cire su yanzu, kafin zaɓe, a rubuta sunayensu da yawan mutanensu. Rahoton zai faɗa cewa sakamakon bai shafe su ba.

6. Zaɓen rukunai gwargwadon girma

Wannan shi ne hawa na farko na zaɓe. Muna so babban gari ya fi ƙaramin ƙauye damar fitowa, daidai da yawan mutanensa. Jera wuraren mazaɓa bayan mazaɓa, domin hakan zai sa rukunan su bazu ko'ina. A Excel ka yi layin yawan mutane, kusa da shi layin jimla mai tarawa. Raba jimlar mutane da yawan rukunai: 330,000 raba 66 ya ba da tazara 5,000. Sai ka zaro lambar farawa tsakanin 1 da 5,000:

```
=RANDBETWEEN(1,5000)
```

A ce 1,850 ta fito. Ka rubuta ta nan take a takarda, domin Excel na canza ta duk lokacin da ka taɓa wani abu. Lambobinka su ne 1,850, sai 6,850, sai 11,850, sai 16,850, kana ƙara 5,000 har sau 66. Yanzu duba inda kowace ta faɗa. Ƙauye na farko mutum 1,200 ne, jimlarsa ta tsaya a 1,200, an tsallake shi. Na biyu mutum 900 ne, daga 1,201 zuwa 2,100, lambar 1,850 ta faɗa cikinsa, an zaɓe shi. Na uku mai 2,400 ya kai jimla 4,500, ba a zaɓe shi ba. Na huɗu mai 3,100 ya kai 7,600, ya kama 6,850. Na biyar gari ne mai mutum 11,000, daga 7,601 zuwa 18,600, ya kama lambobi biyu.

Garin da ya fi tazara girma dole ya fito, wani lokaci sau biyu ko uku. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka raba irin wannan gari zuwa unguwanninsa a cikin jerin tun kafin zaɓe, kowace unguwa da layinta, yadda babu layin da ya kai 5,000.

Gargaɗi: sau ɗaya ake zaro lambar farawa, a gaban shaida. Wanda ya sake zarowa don ƙauyen da ya fito yana bayan rafi ya daina zaɓen ƙuri'a, ya koma zaɓen son rai.

7. Yanka babban rukuni

Ƙauye na huɗu yana da iyalai sama da 500, ba za a iya rubuta su duka a yini ɗaya ba. Sai a zagaya shi da wani ɗan gari, a zana taswira, a yanka shi kashi huɗu masu kusan yawan iyalai ɗaya, ana bin iyakokin da ido ke gani kamar titi, kwalbati, masallacin Juma'a ko makabarta. A ba kowane yanki lamba, a zaro ɗaya da ƙuri'a. A rubuta cewa ɗaya aka ɗauka cikin huɗu, za a bukaci wannan. Gidajen gona da ke gefen gari a sa su cikin wani yanki, kada a bar su a waje.

8. Rubuta gidaje da zaɓensu

Tawaga ta fara da gaisuwa a ƙofar dagaci ko mai unguwa, da takardar hakimi a hannu in an samu. Sannan a bi yankin lungu-lungu, a rubuta kowane iyali da sunan magidanci, a sa lamba a ƙofa da alli a wurin da ba za ta ruɗe da alamar masu allurar shan inna ba. A ce an samu iyalai 136. Muna son 34, tazara 4 ke nan. A zaro lamba tsakanin 1 da 4. In 3 ce, iyalan su ne na 3, na 7, na 11, har ƙarshe. Ya fi kyau mai kula da tawaga ko ofis ya yi wannan zaɓe, ba masu tambaya ba.

Tsohuwar hanya ita ce a tsaya tsakiyar gari a juya biro ko kwalba, a bi inda ta nuna, a yi ta shiga gida na kusa har a cika yara bakwai. Tana da sauri, amma ba na ba da shawararta, kuma jagorar 2018 ta bar ta. Tana fifita gidajen tsakiyar gari, kusa da asibiti da gidan sarki. Tana tsallake gidan da aka tarar a rufe. Tana tara maƙwabta na jikin juna, waɗanda suka fi kowa kama, wato tana ƙara ICC. Sannan babu wanda zai iya faɗin damar da kowane gida ya samu ta fitowa.

A kowane iyalin da aka zaɓa a ɗauki duk yaran da shekarunsu suka dace. In kishiyoyi biyu kowace tana da ɗan shekara ɗaya, duka biyun ne. Wani rukunin zai ba da yara 3, wani 9, wannan ba matsala ba ce, kada a tsaya a shida kuma kada a ƙara gida don a cika shida. A nemi katin rigakafi a ɗauki hotonsa, in babu a tambayi uwa, a rubuta daga ina amsar ta fito. Inda ba a san ranar haihuwa ba, a yi amfani da kalandar abubuwan gari: azumi, babbar salla, shuka, girbi.

Gargaɗi: ba a musanya gida. In ba a tarar da uwa ba a dawo, aƙalla sau biyu, a wani lokaci na daban. Matar da ta tafi gona ko kasuwa ba lallai ta yi daidai da maƙwabciyarta da ke zaune a gida ba. A guji ranar kasuwar garin. Kuma kowace tawaga ta kasance da mata masu tambaya, domin a gidaje da yawa namiji baƙo iyakarsa zaure, katin kuma yana ɗakin uwa.

9. Kwanaki da kuɗi

Ka yi kasafi da kwanakin tawaga, sai ka sa farashin ranar da kake ciki. In rubuta gidaje na cin yini ɗaya, tambayoyi da komawa yini ɗaya, rukunai 66 kwanakin tawaga 132 ne. Tawagogi shida za su gama a kwanakin aiki 22. Ƙara kwanakin horo, da yinin gwaji a wani ƙauyen da ba a zaɓa ba, da kuɗin ɗan rakiya a kowane gari, da babura inda mota ba ta shiga. Rubuta gidaje shi ne ake fara neman sokewa idan kasafi ya matse, alhali a kansa mataki na gaba ya dogara.

10. Nauyin kowane yaro

Kowane yaro a samfur yana wakiltar wasu yara da ba a gani ba, kuma yawansu ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Ana samun nauyin ne ta hanyar ninka damar fitowa a kowane hawa, sannan a raba 1 da sakamakon. Ga na ƙauye na huɗu:

```
P1 = 66 * 3100 / 330000 = 0.62
P2 = 1 / 4 = 0.25
P3 = 34 / 136 = 0.25
wt = 1 / (0.62 * 0.25 * 0.25) = 25.8
```

Kowane yaro a wannan ƙauye yana tsaye a madadin yara kusan 26. Da jerinmu daidai yake a ko'ina, nauyin duk rukunai zai zo kusa da juna. Amma a ce wata unguwar bayan gari jerin ya ce mutum 900 ne, aka je aka tarar ta ninka uku. Yaranta za su samu nauyi kusan ninki uku, kuma haka ya kamata, domin jerin ya rage musu damar fitowa. In iyalai 30 ne suka amsa cikin 34, a ninka nauyin da 34 bisa 30.

Nauyi mai bambanci sosai shi ma yana ƙara DEFF, bayan abin da kamanceceniya ta kawo. Wannan wani dalili ne na gyara jerin wurare tun a mataki na biyar.

11. Fitar da sakamako

A nan ne aikin mutane da yawa ke zubewa bayan duk wahalar da aka sha. Sun ninka samfur da kyau, sun bi ƙauyuka, sai su zuba bayanan a manhaja su nemi kaso kamar yaran da ƙuri'a aka zaro su. Ninka samfur bai cire tasirin tsari ba, tanadi kawai ya yi masa. Dole a gaya wa manhajar wane yaro ne na wane rukuni. Don haka lambar rukuni ta kasance a kowane layi na bayanai, kuma a sa ta a wayar yadda ba za a iya wuce ta ba. A manhajar R haka ake yi, inda penta3 ke ɗauke da 1 ko 0, cluster da lambar rukuni, wt kuma da nauyin yaro:

```r
library(survey)
d <- svydesign(ids = ~cluster, weights = ~wt, data = yara)
svymean(~penta3, d, deff = "replace")
svyciprop(~penta3, d)
```

A Stata kuma:

```
svyset cluster [pweight = wt]
svy: mean penta3
estat effects
```

A ce mun samu yara 400, kashi 52 sun yi Penta ta uku. Lissafin da ya manta da rukunai zai ba da rata ta maki 4.9, wato daga 47 zuwa 57. Lissafi na gaskiya ya nuna DEFF 2.3, ratar ta koma wajen maki 7.4, daga kusan 45 zuwa 59. Yaranmu 400 ƙarfinsu na yara 174 ne, wato 400 raba 2.3. Kason bai motsa ba saboda rukunai, tabbacin da ke tare da shi ne ya ragu. Yanzu a ce an sa wa ƙaramar hukumar sharaɗin wuce kashi 46 kafin a ɗauke tawagar tallafi daga cikinta. Lissafin farko zai ce an wuce babu shakka. Na biyu zai ce mai yiwuwa ne, amma ba a tabbatar ba. A kan irin wannan bambanci ake janye ma'aikata daga inda har yanzu ake bukatarsu.

Ga alamun da za su nuna maka akwai matsala. In DEFF ta fito 1 cif, kusan tabbas manhajar ba ta ga lambar rukuni ba, ko an ba kowane yaro lambarsa daban. In ta fito 5 ko 6 alhali yara shida ne a rukuni, jera kason kowane rukuni ka duba. Za ka iya tarar da rukunai da yawa a sifiri wasu kuma a ɗari bisa ɗari. Wani lokaci gaskiya ce, akwai yankin da allura ba ta kai ba, kuma wannan shi kansa sakamako ne da ya kamata a kai wa jami'in rigakafi. Wani lokaci kuma tawaga ɗaya ce ke karanta kati ba daidai ba. Ka raba sakamakon tawaga-tawaga, in duk rukunan sifirin na tawaga guda ne, a koma a duba hotunan katunan.

Kowace tambaya tana da nata DEFF. A bincike ɗaya, tushen ruwan sha zai ba da babba ƙwarai, tunda ƙauye duka rijiya ɗaya ko burtsatse ɗaya yake sha, jinsin yaro kuwa zai tsaya kusa da 1. Kada a ɗauki ta Penta a shafa wa sauran.

A rahoto ka rubuta yawan rukunan da aka zaɓa da waɗanda aka shiga, iyalan da suka amsa, matsakaicin yara a rukuni, kason da ratarsa, da DEFF da aka samu ga kowane babban sakamako. Ka juya lissafin ka fitar da ICC ma: 2.3 a cire 1, a raba da 5, ya ba da 0.26. Wannan kiyasi ne, domin tasirin nauyi ya shiga cikinsa. Amma wanda zai maimaita binciken nan da shekara biyu zai fara da 0.26 maimakon 0.2, kuma da yara 6 a rukuni zai bukaci yara 451 a rukunai 76.